Wace Ilela? Taswira, direba ko ɗan gari: wa za ka yarda da shi kafin ka yanki tike

Saƙon da ya bi hannu da yawa kafin ya iso wayarka, abu biyu yake zubarwa a hanya: sunan wanda ya fara rubuta shi, da ranar da ya rubuta. WhatsApp yana ɗora masa 'yar kibiya da kalmar `Transféré`, idan kuma ya ratsa hannu biyar ko fiye sai kibiyar ta zama biyu, amma ba zai gaya maka daga wane gari saƙon ya taso ba. Lokacin da kake gani a ƙasansa lokacin da aka turo maka ne. To da zarar mai magana da ranar magana sun ɓace, kalmomi irin su "gobe", "Lahadin nan", "nan bakin kasuwa", "inda aka saba" sun zama fanko, domin duk sun dogara ne ga inda mai rubutun yake tsaye da ranar da yake ciki.

Shi ya sa tabbatar da wuri ya ƙunshi tambaya uku: wane gari, wane gurbi a cikin garin, kuma wace rana. Hanyoyin da muke da su a nan Tawa sanannu ne. Akwai taswirar waya, akwai alamar wuri da ake turowa ta WhatsApp, akwai mutanen tasha, akwai kuma kiran wani wanda yake zaune a can. Kowacce tana amsa wata tambayar ta bar wata, kuma wadda ta fi dacewa da kasuwar mako ba ita ce ta fi dacewa da zauren taro a Yamai ba. Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe.

A ce kai mai sayen dabbobi ne a Tawa, ana saura mako uku Layya, sai wannan ya shigo rukunin 'yan kasuwarku: "Jama'a, raguna sun yi araha a kasuwar Ilela, Lahadin nan za a shigo da wasu da yawa, mai so ya yi sammako." A ƙarƙashinsa ga hoton raguna a ɗaure, ga lambar waya, ga alamar wuri. Mutumin Tawa yana jin Ilela, ransa zai tafi ga Ilelarmu, wadda ake bi ta Badagishiri a karkata yamma. Amma akwai wata Ilela a jihar Sakkwato ta Nijeriya, 'yan kilomitoci kaɗan daga Birnin Kwanni idan an tsallaka iyaka, kuma babbar kasuwar dabbobinta Lahadi take ci. Mutumin Kwanni ko na Sakkwato idan ya ce Ilela, ita yake nufi, ba ya ma tunanin yana bukatar ƙarin bayani. Babu wanda ya yi ƙarya a nan. Saƙon ne ya yi tafiyar da mai shi bai shirya masa ba. Ga shi kuma Lahadi ita ce ranar kasuwar Tawa, wato idan ka tashi ka nufi garin da ba shi ba, ka yi asarar kasuwa biyu a yini ɗaya.

Abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi shi ne taswira. Ka buɗe Google Maps ka rubuta sunan. Ga matsala ta farko: taswirar Nijar da rubutun Faransanci take, saboda haka Tawa `Tahoua` ce, Badagishiri `Badaguichiri`, Dogon Dutsi `Dogondoutchi`, tamu Ilelar `Illéla`, ta Nijeriya kuma `Illela`. Bambancinsu 'yar alama ce a kan harafi guda, wadda yawancin mutane ba sa sawa. Matsala ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa: taswira tana fifita abin da yake kusa da kai. Idan kana Tawa, za ta iya miƙo maka ta kusa, wato ta tabbatar maka da zaton da ka riga ka yi, kai kuma ka ɗauka bincike ka yi. Taswira tana gaya maka inda gari mai wannan suna yake. Ba ta san garin da mai saƙon yake nufi ba.

Inda taswira take da amfani na gaske shi ne bayan ka riga ka san garin. Idan ka juya ta zuwa hoton sama, `Satellite`, za ka ga layukan rumfuna, ka ga filin turaku a gefen gari, ka ga ko hanyar da ta shiga kwalta ce ko jar ƙasa. Sai dai hoton saman yana iya zama na shekarun baya, kuma kasuwar mako a ranar da ba ta ci fili ne kawai da rumfunan kara, wani lokaci ba ka bambanta ta da filin Idi. Sunayen shaguna da kasuwanni da kake gani a kai ma, da yawansu mutane ne irinmu suka ɗora, wani ya ɗora daidai, wani ya ɗora yana zaune a gidansa alamar ta faɗa unguwarsu. Ranar da kasuwa take ci kuwa, kada ka nemi wannan a taswira.

Sai alamar wurin da ta zo tare da saƙon. Mutane suna ba ta amana fiye da yadda ta cancanta, don suna ganin kamar na'ura ce ta faɗa. Gaskiyar ita ce mutum yana iya aika alamar wurin da bai taɓa takawa ba: ya nemi suna a cikin taswirar WhatsApp, ko ya ja alamar da yatsa zuwa inda ya ga dama, ya aika. Kuma ita ma ana tura ta daga hannu zuwa hannu kamar hoto, ba rana ba suna. Wani lokaci ma ba mai saƙon farko ne ya haɗa ta ba, wani mai neman lada ne a tsakiyar hanya ya ce bari ya taimaka, ya nemo "Ilela" a wayarsa ya maƙala. Duk da haka ban ce a yar da ita ba, domin a cikinta akwai abin da ya fi sunan gari tabbas, wato lambobi. Ka taɓa alamar ta buɗe a taswira, ka danna wurin ka riƙe yatsa, lambobi biyu za su fito. Ga na garuruwan nan biyu, a taƙaice:

```
14.46, 5.25
13.73, 5.30
```

Na sama Ilelar Nijar ce, na ƙasa ta Sakkwato. Lambar farko tana nuna nisanka zuwa arewa, ta biyu nisanka zuwa gabas. Kowane ɗaya cikakke a lambar farko kimanin kilomita 111 ne. Ka cire 13.73 daga 14.46, saura 0.73, ka ninka da 111, ka samu kusan kilomita 81 a miƙe tsakanin garuruwan biyu, ban da lanƙwasar hanya. Ba sai ka haddace lissafin ba. Ya isa ka riƙe cewa Tawa tana wajen 14.89, Kwanni tana wajen 13.79, saboda haka duk alamar da ta nuna ƙasa da 13.79 a wannan layin, ta kai bakin iyaka ko ta tsallaka. Yamai kuma 13.5 ce da 2.1, a nan lamba ta biyu ce take raba ta da yankinmu, don mu duk biyar da 'yan kai ne.

Idan lambobin rubuta maka su aka yi a saƙo, kana iya kwafe su ka zuba a gurbin nema na taswira. Ka kula da abu biyu. Ɗigo ake sawa a tsakiyar lamba, waƙafi kuma tsakanin lambobin biyu, alhali mu da muka saba da lissafin lakwal waƙafi muke sawa a tsakiya, sai taswira ta rikice. Sannan kada a juya su: idan ka sa 5.25 a gaba, 14.46 a baya, alamar za ta faɗa can wajen iyakar Kamaru da Afirka ta Tsakiya. Yawan lambobin bayan ɗigo ma magana ne. Biyu suna kai ka gari, da kuskuren da ya kai kilomita guda. Huɗu suna kai ka kusan ƙofar rumfa, kuskurensu bai wuce mita goma sha ɗaya ba.

To a misalinmu, a ce ka duba ka ga 13.73. Yanzu ka san alamar Ilelar Nijeriya take nunawa. Abin da ba ka sani ba har yanzu shi ne ko alamar da rubutun daga hannu ɗaya suka fito, da kuma wace Lahadi ake nufi. Sai ka koma ga jikin saƙon da kansa, don yakan tona asalinsa. Lambar wayar da ke ciki, idan ta fara da `+234` ta Nijeriya ce, tamu `+227` ce da lambobi takwas a bayanta. Farashin da aka ambata, da naira ne ko da sefa? Mai rubutun jikka yake ƙirgawa ko dubu? Waɗannan alamu ne masu ƙarfi, amma ba hukunci ba ne, saboda a Kwanni kuɗin biyu duk suna yawo, kuma 'yan kasuwar iyaka da yawa layi biyu gare su. Hoton ragunan kuwa, shi ne mafi raunin shaida a cikin saƙon duka. WhatsApp yana goge bayanan wuri da rana daga hoton da aka aika a matsayin hoto, kuma rago a ɗaure a turke kamarsa ɗaya ko a Abalak ko a Sakkwato, ko bana ko bara. Sai dai in an yi sa'a wani allo ko lambar mota ta fito a bayansa.

Yanzu mu zo tasha, wadda ni a ganina ita ce ta fi kowace hanya idan maganar kasuwar mako ce. Dalili kuwa a fili yake: abincin direba a kan ranakun kasuwa yake. Ya san Alhamis Badagishiri ce, Laraba Kwanni, Lahadi Tawa, don a kan haka yake tsara makonsa. Idan an ɗaga kasuwa saboda Salla, ko hukuma ta mayar da turaku bayan gari, ko korama ta cinye hanya da damina, motarsa ce ta fara sani. Ya san ko iyaka a buɗe take da abin da ake tambaya a shingaye. Mun ga iyakar nan a rufe, daga Agustan 2023 har zuwa Maris na 2024, alhali a taswira hanyar tana nan shimfiɗe kamar ba abin da ya faru.

Amma tambayar tasha tana da ladabinta, kuma a nan ne mutane suke yin kuskure. Ɗan kamasho aikinsa cika mota. Idan ka tsaya ka ce masa "Ilela za ni, akwai kasuwa Lahadi ko?", ka riga ka ba shi amsar, zai ce "sosai ma, shiga". Ba lallai yaudararka yake nufi ba, tambayar ce ta zo masa da amsarta a baki. Ka wuce wurin direban da yake bin layin, ko wani dattijo a rumfar sarkin tasha, ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka yi tambayar da ba ta nuna inda ranka ya karkata.

"Baba, don Allah tambaya gare ni. Wace rana kasuwar dabbobi take ci a Ilela?"

"Wace Ilelar, ɗana? Tamu ko ta tsallake?"

Wannan tambayar da ya mayar maka ita ce abin da ka zo nema, kuma taswira ba za ta taɓa yi maka ita ba. Daga nan sai ka nuna masa saƙon, ka ƙara da "yaushe rabonka da can?" Direban da ya je makon jiya shaida ne. Wanda rabonsa da hanyar tun kafin azumi, labari yake ba ka, ko da ya faɗe shi da ƙarfin murya. Idan ka samu biyu waɗanda ba tare suke zaune ba suka faɗi abu ɗaya, maganar gari da rana ta zauna.

Iyakar tasha ita ce bakin kasuwa. Direba zai sauke ka inda motoci suke tsayawa, amma bai san rumfar wane dillali aka ce ka nema ba, bai san ko arahar da aka ambata gaskiya ce ba. Kuma sai ka taka ka je, ko kana da lambar wani a can.

Hanya ta ƙarshe ita ce ɗan gari, mutumin da ka sani wanda ƙafarsa take wurin a yau. Ita ce kaɗai take iya amsa tambayoyin uku a lokaci guda, amma da sharaɗi babba: kada lambarsa ta fito daga cikin saƙon da kake bincike. Idan ka kira lambar da ke jikin saƙon ka ce "gaskiya ne?", saƙon ne ka tambaya ya shaidi kansa. In mai gaskiya ne zai ce e, in macuci ne ma zai ce e, har ya ƙara da cewa ka turo kafin alƙalami a ajiye maka raguna biyar kafin a wawashe. Lambar da za ta yi maka amfani ita ce wadda ka samo ta wata ƙofa: ɗan'uwa, mai masaukinka na da, dillalin da kuka taɓa ciniki, abokin karatu da aka tura aiki can.

Shi ma ɗan garin, ka sauƙaƙa masa aikin. Maimakon "ka bincika mini", ka ce: "Yaya, in ka bi ta wajen turaku, ka tsaya a bakin ƙofa ka turo mini inda kake." A WhatsApp zai taɓa alamar maƙala abu, ya zaɓi `Localisation`, ya aika inda yake tsaye a lokacin. Wayar tana nuna masa iyakar kuskurenta da mitoci. Idan yana cikin shago ƙarƙashin kwano, lambar takan yi girma, sai ya fito fili ya ɗan jira ta sauko zuwa ashirin ko ƙasa kafin ya aika. Akwai kuma nau'i na biyu, mai tafiya da mutum duk inda ya nufa, na minti 15 ko awa 1 ko awa 8. Wannan ba a iya tura shi ga wani, daga wayar mai shi kawai yake fitowa, shi ya sa ya fi ƙarfin shaida, kuma shi ya fi amfani ranar tafiya idan kuna neman juna a cikin cunkoso. Sai dai yana cin batir, yana kuma son rezo mai ɗorewa, abin da ba kullum ake samu a kasuwannin ƙauye ba. Alamar tsaye kuwa ba ta da nauyi, takan fita ko da rezon da ba zai ɗauki kiran bidiyo ba.

Da alamar yayanka ta iso, ka ɗora lambobinta kusa da na saƙon. Idan lambobi biyu na farko bayan ɗigo sun yi daidai ko sun kusa, wuri ɗaya ake magana. Idan sun saɓa, tasa za ka bi.

Raunin wannan hanya na mutuntaka ne. Ɗan gari yakan ji nauyin ya ce bai sani ba, sai ya amsa daga abin da ya saba gani: "ai nan take, inda take kullum." Malamin makaranta da ke zaune a gari shekara biyar yana iya rasa sanin an tayar da kasuwar dabbobi, don ba harkarsa ba ce. Saboda haka ka zaɓi wanda sana'arsa ta shafi wurin, ka kuma bambanta "na sani" da "ga ni a wurin".

Idan muka tattara misalin: lambobin alamar sun ce tsallake, lambar wayar `+234` ce, dattijon tasha ya ce ta tsallake Lahadi take ci, yayanka na Kwanni ya ce makon jiya an cika amma farashi ya fara hawa. Yanzu ka san tafiyar ba ta Badagishiri ka karkata ba ce. Tafiya ce ta gangarawa har Tsarnawa, ka shiga Kwanni, fiye da kilomita ɗari daga Tawa, ka tsallaka iyaka da katin ɗan ƙasa a aljihu, ka canji kuɗi, sannan ka yi lissafin abin da shigo da dabbobi zai ci maka. Wataƙila bayan wannan lissafin ka ga tsayawa kasuwar Tawa ya fi maka. Duk binciken bai ci maka fiye da kuɗin kira biyu da kabu-kabu zuwa tasha ba.

Zauren taro a Yamai wani lissafi ne daban, kuma a nan jerin yana juyewa. Tafiyar ta kai kilomita 550, ta Kwanni da Dogon Dutsi da Doso, mota tana tashi da asuba, yini guda ne cur. Saƙon yakan zo kamar haka: baje kolin kayan sana'a ko taron ƙungiya, "a Pale, ranar Asabar". Direban babbar mota ba shi da abin cewa a nan, shi tashar kamfaninsu ya sani. Gari kuma ba a shakkarsa. Abin da ake shakka shi ne gurbi da rana. Akwai `Palais des Congrès` a kusa da kogi, wajen gadar Kennedy, akwai `Palais du 29 Juillet` can wajen babban filin wasa na Seyni Kountché, kuma kusa da na farkon ga cibiyar taro ta Mahatma Gandhi. Wadata ma haka: kasuwa ce, tasha ce, akwai kuma ƙauyen masu sana'ar hannu, duk da suna ɗaya. A irin wannan taswira tana da ƙarfi, domin manyan gine-gine ba sa tashi, kuma ana ganinsu sarai a hoton sama.

Sai dai Yamai tana da nata tarkon, wato sunayen da suka canza da wuraren da suka tashi suka bar suna. A watan Oktoban 2024 an sauya sunayen wasu wurare: titin de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary, dandalin Francophonie ya koma dandalin AES, cibiyar al'adu ta Jean Rouch ta koma ta Moustapha Alassane. Sanarwa tana iya zuwa da sabon suna, taswira ta nuna tsoho, ko akasin haka, mai taksi kuma ya san wurin da wanda bakinsa ya saba. Ƙaramar Kasuwa, wadda allo yake kira `Petit Marché`, gobara ta cinye ta a 2012, 'yan kasuwar suka watsu zuwa wasu wurare, amma har yau ana kwatance da sunan. Wanda aka ce masa ya je can ya sayi kaya a sari, yana bukatar ya tambaya: wurin da take a da ake nufi, ko inda mutanenta suka koma?

Game da rana kuwa, a taro babu wanda ya kai masu taron da masu zauren. Taro ana ɗaga shi, ana sauya masa zaure saura kwana biyu, kuma sanarwar farko takan ci gaba da yawo bayan ta biyu ta fito, har ma ta bara takan farfaɗo. Ka duba ko takardar tana ɗauke da shekara. Idan babu, ka gwada ranar da kalanda: in an rubuta Asabar 14 ga wata, bana kuma 14 ga watan Lahadi ta faɗa, to akwai alamar takardar ta bara ce. Wannan ɗan gwajin ba ya cin minti ɗaya, kuma yana kama tsofaffin sanarwa da yawa. Bayan haka ka nemi shafin ƙungiyar na ainihi ko lambar ofishinsu ta wata hanya, ko ka roƙi wani na Yamai ya bi ta ƙofar zauren. Taron da ya rage kwana biyu yakan nuna kansa: an rataya kyalle, ana kafa rumfuna, mai gadi ya san da shi. Idan mai gadi ya ce bai ji labari ba, kada ka yanki tike, kuma kada ka aika kuɗin rumfa ko na rajista, ko da an ce maka gurabe sun kusa ƙarewa.

Da wurin ya tabbata, ka nemi kwatance irin wanda mai taksi yake ji. A Yamai unguwa ake faɗa da wani abu sananne, shatale-tale ko gidan mai ko asibiti, ba sunan titi da lambar gida ba. Ka tambayi ko wurin yana wannan gaɓar kogi ne ko Harobanda, don tsallaka gada yana canza kuɗin taksi da lokacin da za ka ɗiba. Kafin ka bar gida kuma, inda rezo yake da kyau, ka sauke taswirar yankin a wayarka. Ɗigon da ke nuna inda kake daga tauraron ɗan'adam yake samun bayani, yana aiki ko babu rezo, muddin taswirar tana cikin wayar.

Ni dai ga yadda nake auna su. In kasuwar mako ce, tasha zan fara, ɗan gari ya biyo, taswira ta zo a ƙarshe don ganin hanya. In zaure ne a birni, masu taron zan fara nema ta lambar da ban samo daga saƙon ba, sannan taswira, sannan wani ya leƙa ƙofa. Alamar da aka turo tare da saƙo ba na tafiya a kanta ita kaɗai, lambobinta nake karantawa in gwada da na wani. Wanda ya turo maka saƙon ma yana da tambaya guda da ta dace da shi, a yi ta cikin girmamawa: "Alhaji, kai ka je da kanka, ko kai ma turo maka aka yi?" Yawanci amsar ta biyun ce, kuma da ka ji ta ka san kada ka ƙirga shi cikin shaidu, ko da mutum ne da ba ka taɓa kama shi da ƙarya ba.

Idan shaidun suka saɓa, ka fifita wanda ya fi kusa da wurin a rana, ba wanda ya fi girma ko ya fi iya magana ba: wanda yake can yau yana gaba da wanda ya je makon jiya, shi kuma yana gaba da taswira. Idan kuma tsakanin bincikenka da tafiyar akwai kwanaki, ka sake kira da daren da za ka tashi, musamman da damina ko gab da Salla, lokacin da ruwan dare ɗaya yake iya yanke hanyar jar ƙasa, ganin wata kuma yake iya matsar da ranar kasuwa.